Bulo Nawa Katangar Za Ta Ci? Lissafin Wani Fili a Dakace

Yayata ta yi ritaya daga koyarwa, kuɗin sallamarta suka fito, sai ta ce ba abin da za ta fara yi da su sai zagaye filinta na Dakace, can gefen hanyar Jos in an fita daga Zariya. Filin ya shekara takwas a buɗe. Masu wucewa sun tsaga hanya ta tsakiyarsa, maƙwabcin gabas kuma kowace damina kunyoyinsa na ƙara matsowa. Ni kuwa aikina ke nan, ƙiyasin kayan gini, shi ya sa ta kira ni wata Asabar da hantsi, ta shimfiɗa min takardu biyu a kan tabarma.

Ta farko daga birkilan da za ta ba aikin, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya rubuta bulo 2,600. Ta biyu daga ɗanta mai karatun gini, ya rubuta 1,913. Ta ce, "Ƙanena, bulo kusan ɗari bakwai tsakanin mutum biyu a kan katanga ɗaya? Wa zan bi?"

Na ce, "Yaya, kada ki bi kowa tukuna. Bari mu je filin da tef."

Filin irin wanda ake kira hamsin da ɗari ne. Da muka auna daga dutsen safiyo zuwa dutsen safiyo, sai muka samu mita 15 a gaba da baya, mita 30 a kowane gefe, zagayen duka mita 90. Tana son katangar ta tashi mita 2.25 daga ƙasa, da babban get na mota mai faɗin mita 4, da ƙaramar ƙofar shiga mai faɗin mita 1 a kusa da shi, duka a bangon gaba.

Na fara da tambayar kowannensu yadda ya samo adadinsa, don a irin wannan saɓani ba a cika samun maƙaryaci ba, kowa da hanyar da ya bi. Dattijon ya ce shi a ka yake yi: zagayen fili ƙafa 300, tsawon bulo ƙafa ɗaya da rabi, layi ɗaya bulo 200 ke nan. Layi goma sha biyu har da na cikin ƙasa, 2,400. Ya ɗora 200 saboda fashewa da abin da ba a rasa ba. Yaron kuma ya ce, "Kawu, ni yadda aka saba na yi." Ya ninka tsawo da tsayi, mita 90 sau 2.25, ya samu murabba'in mita 202.5, ya cire na ƙofofi 11.25, saura 191.25, ya ninka da bulo goma a kowane murabba'in mita.

Wannan bulo goma da kowa ke ambata yana da asali. Fuskar bulo a ma'aunin da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ta tsara, wanda ake kira NIS 87, tsawonta santimita 45 ne, tsayinta 22.5, ko bulon mai inci tara ne ko mai inci shida, don kauri kawai ya raba su. In ka jera irin wannan bulo ƙiƙam ba komai a tsakaninsu, kusan guda goma ne za su rufe murabba'in mita. To amma ba a gini ba kwaɓi. Birkilolinmu kuma hannunsu ba ya ƙyashin kwaɓi, abin da suke sawa tsakanin bulo da bulo yakan kai inci guda, wato santimita biyu da rabi. Da zarar ka sa wannan a lissafi, kowane bulo ya mamaye santimita 47.5 a tsawo da 25 a tsayi, murabba'in mita kuma ya koma cin bulo takwas da ɗan wani abu. A ƙaramin bango ba za ka ji bambancin ba. A katangar mita 90 kuwa ɗaruruwa ne.

Saboda haka ni ba na lissafin katanga da murabba'i. Layi-layi nake ƙirgawa, kamar yadda birkila zai jera su da hannunsa. Tambayoyi biyu ne kawai: layi nawa ne daga ƙasan rami zuwa sama, kuma bulo nawa ne a layi ɗaya?

Ta farko ba ta da wuya. Tunda bulo da kwaɓinsa santimita 25 ne, layi huɗu mita guda ke nan, mita 2.25 kuma layi tara cif. A cikin ƙasa dattijon ya ce layi uku zai sa a kan kankaren fandisho, na kuma yarda da shi bayan mun sa lebura ya haƙa ramin gwaji muka ga inda jar ƙasa mai tauri ta fara. Nan ne babban giɓin lissafin yaron ya bayyana: bai ƙirga ko bulo ɗaya na cikin ƙasa ba, domin tsayin da aka gaya masa daga doron ƙasa ne zuwa sama. Abin da ya sa kuskuren bai fito fili ba shi ne, ya yi ƙari a sama ya yi ragi a ƙasa, sai ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri, adadin ya fito kamar mai ma'ana. Irin wannan ya fi ba ni tsoro a kan adadin da kowa zai gani ya san ya yi yawa.

Tambaya ta biyu ita ce mai aiki, kuma a nan maganar filoli ta shigo. Doguwar katanga ba ta tsayuwa da bulo zalla. Iskar farkon damina a Zariya, wadda ke zuwa da ƙura kafin ruwan ya sauka, ta isa ta kwantar da bangon da ba shi da abin riƙo. Don haka ake barin gurbi kusan kowace mita uku, a sa rodi tun daga fandisho, a kafa katako a zuba kankare. Kowace fila tana cin santimita 22.5 na tsawon bango, kuma wurin da kankare ya zauna bulo ba ya zama. Daga dattijon har yaron babu wanda ya cire su.

Sai na bi bangon ɗaya bayan ɗaya, don in ka cire filoli daga jimlar mita 90 kai tsaye, na kusurwa za su ruɗe ka, tunda kowace tana cin wuri a bango biyu. Dogon gefe mai mita 30 zai ɗauki fila 11 har da na kusurwa biyu, tsakaninsu gurbi goma. In aka cire faɗin filolin, kowane gurbi ya rage mita 2.75. Bulo shida da kwaɓi biyar a tsakaninsu sun kai mita 2.82 da 'yan kai, wato sun ɗara gurbin da kamar santimita bakwai. Biyar kuma ba za su cika shi ba. Abin da birkila zai yi shi ne ya ɗauki na shidan ya sare masa baki, ko ya ɗan matse kwaɓin. Ko wanne ya yi, bulo shida ya ɗauka daga tsibi, ɓarɓashin da ya sare kuma ba ya komawa wani gini. Layin da ke bisansa zai fara da rabi ya ƙare da rabi, don kada gaɓoɓin su hau kan juna, amma rabi biyu ɗin ma bulo guda ne, shidan dai ba ta canza ba. Don haka dogon gefe ɗaya bulo 60 a layi, biyun 120.

Bangon baya mai mita 15 fila shida ne da gurbi biyar, kowanne ɗan ƙasa kaɗan da na gefe, shi ma shida-shida, bulo 30.

Wani zai ce me ya sa ba za a haɗa tsawon duka a raba da 47.5 a huta ba? Na gwada a gaban yaron don ya gani. Hanyar tana ba da bulo shida ƙasa da tawa a kowane layi, saboda tana ɗauka cewa guntun da aka sare a wannan gurbi zai je ya cike wani gurbin. A takarda haka ne. A fili kuwa guntun santimita bakwai na bulo mai rami marmashewa yake yi tun a hannun mai sarewa.

Yanzu bangon gaba, inda ƙofofin suke. Mutane da yawa suna cire faɗin get su tsaya nan, alhali get ba ya rataya a iska. Yana buƙatar filoli masu ƙwari da za su ɗauki nauyin ƙarfe da jijjigar buɗewa da rufewa, don haka muka sa nasu santimita 30 kowace. Guda uku ne: ɗaya a hagun babban get, ɗaya tsakaninsa da ƙaramar ƙofa, ɗaya a damar ƙaramar. Daga mita 15 na cire 4 na get, na cire 1 na ƙofa, na cire santimita 90 na filolin nan uku, sannan filolin kusurwa biyu da wata guda a tsakiyar dogon ɓangaren. Abin da ya rage wa bulo bai wuce mita 8.4 da ɗan ɗori ba, gurbi uku na kusan mita 2.81, kowanne bulo shida daidai wa daida. Bulo 18 ke nan a bangon da kallon farko za ka ce zai ci talatin.

Kafin na amince da mita huɗun nan sai da na sa Yaya ta kira mai waldar da zai haɗa get ɗin. Na tambaye shi, mita huɗun da ya faɗa, na ganyen ƙofar ne ko daga fuskar fila zuwa fuskar fila? Ya ce daga fila zuwa fila ne, har da firam. Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Na taɓa ganin inda birkila ya bar gurbi daidai faɗin ganyen, aka kawo get da firam ɗinsa ya ƙi shiga, sai da aka sassaƙe filar da ta riga ta bushe har rodi ya fito. Na kuma tambaya ko za a ɗora bulo a saman ƙaramar ƙofa. Tsayinta mita 2.1 ne, katangar 2.25, abin da ya rage a sama lintal kawai zai ɗauka, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa, saboda haka na cire gurbinta tun daga ƙasa har sama. Da katangar ta kai layi goma sha ɗaya, da sai na mayar da bulo biyu-biyu na layukan da za su hau kan lintal.

Jimlar layi ɗaya a bisa ƙasa: 120 da 30 da 18, bulo 168. Sau tara, 1,512.

Ga inda cire ƙofa ke yaudarar mutane. Ƙofa a sama take, ba ta shiga ƙasa. Ramin fandisho ba ya tsayawa a bakin get ya tsallake, yana wucewa ta ƙarƙashinsa, domin a kan wannan ginin za a zuba dandamalin da mota za ta riƙa takawa, shi ne kuma ke ɗaure filolin get da juna ya hana ruwan titi ya ci ƙarƙashin ƙofa. Don haka a layuka ukun cikin ƙasa dole a mayar da mita biyar ɗin da aka cire. Mita biyar bulo goma da rabi ne, a ce 11. Layin ƙasa ya zama 179, sau uku, 537.

Da mun tsaya nan da mun ce 2,049, kuma da mun yi kuskure. Tun da muka iso na lura da yadda ruwan damina ya tsaga 'yan ƙananan kwari daga gaba zuwa baya. Ido yana ganin filin a shimfiɗe, amma ido ba abin yarda ba ne a wannan sha'ani. Muka aro dogon tiyo mai garai-garai, muka cika shi da ruwa muka fitar da iska, yaron ya riƙe ɗaya bakin tiyon a jikin turke a kusurwar gaba, ni na tafi da ɗayan. Tiyon bai kai mita talatin ba, sai muka yi shi zango biyu, muna zana alama a turke daidai inda ruwan ya tsaya. Da muka auna daga alamar zuwa ƙasa, baya ta fi gaba gangarawa da santimita 25, layi guda cif.

Yaya ta ce ita tana son saman katangarta ya tafi a miƙe, ba ta son mai hawa-hawa. To in haka ne, bangon baya zai ƙara layi ɗaya, bulo 30. Dogayen gefuna kuma ramin zai sauka da mataki ɗaya a tsakiya, rabin baya na kowanne ya ƙara layi, bulo 30 nan 30 can. Ƙarin 90 ke nan, jimla ta koma 2,139. Wanda filinsa ya gangara da rabin mita, ƙarinsa zai ninka wannan, kuma a nan ne yawanci ake jin mai gida yana cewa an sace masa bulo, alhali ƙasa ce ta shanye su.

Saura fashewa. Bulo yana karyewa a lodi, yana karyewa a kan hanya, musamman in motar ta bar kwalta ta shiga hanyar unguwa, yana kuma karyewa a saukewa in yaran mota suna sauri. Ni biyar cikin ɗari nake ɗorawa in na yarda da gidan bulon, tunda na riga na ƙirga asarar sara a cikin gurabe. Sannan na raba odar gida biyu, domin Yaya ta zaɓi mai inci tara a ƙasa, wanda za a cika ramukansa da kankare, da mai inci shida a sama don sauƙin kuɗi. Na ƙasa 537 da 90, wato 627, da ƙarin fashewa muka ce 660. Na sama 1,512, da ƙari muka ce 1,590. Duka 2,250.

Dattijon ya duba takardar ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, lissafinka ya yi. Amma ka je ka ga bulon da idonka kafin Hajiya ta biya." Maganarsa kuwa ita ce gaskiya, domin duk abin da na ƙirga ya rataya ne a kan santimita 45 da 22.5, kuma ba kowane gidan bulo ke fitar da wannan awo ba.

Gida biyu muka je. A na farko na zaro bulo biyar daga wurare daban-daban na tsibin, ba na saman da aka jera don masu saye ba, na ɗora tef. Tsawo 43, tsayi 21. Farashinsa ya ɗan fi sauƙi, Yaya har ta fara murna. Na ce ta dakata mu gani. Ragin tsawon bai dame ni sosai ba, don bulo shida na wannan awo sun gaza gurbin da 'yan santimita ne kawai, kwaɓi da kankaren fila za su shanye. Tsayin ne matsala. Bulo mai 21 da kwaɓinsa 23.5 ne, layi tara ba su kai mita 2.12 ba. Ko dai ta haƙura da katangar da ta gaza da kusan santimita goma sha huɗu, har ƙaramar ƙofa da lintal ɗinta su fi ta tsayi, ko a ƙara layi na goma, wato bulo 168 da simintinsu da ladan ɗora su. Arhar ta tafi ke nan har da riba. Ban da haka, da na murza gefen bulon da babban yatsa sai yashi ya biyo hannuna, alamar siminti ya yi ƙaranci ko ba a ba shi ruwa yadda ya kamata ba. A hunturu wannan ya fi yawa, don iska tana busar da bulo tun simintin bai gama kamawa ba, sai ka gan shi fari tas kamar ya nuna alhali cikinsa gari ne. Irin wannan in za ka saya, biyar cikin ɗari ba za ta ishe ka fashewa ba.

A gida na biyu awon ya cika, gefunan a tsaye, in ka ƙwanƙwasa da ƙarfe kana jin ƙara mai kaifi. Nan muka saya. Na ce kada a kawo duka rana ɗaya: na ƙasa tukuna, na sama kuma kashi biyu, a riƙa jerawa ɗari-ɗari ana ƙirgawa a gaban direba kafin ya tafi, waɗanda suka karye a ware su gefe.

Abu biyu na bar wa yaron ya kula da su tunda shi zai riƙa zuwa kullum. Na yanko sanda na zana mata alama kowace santimita 25, na ce duk layin da aka gama ya jingina ta ya gani ko saman bulon ya zo daidai alama. In kwaɓi ya fara siranta, layi tara ba za su kai tsayin ba, in ya fara kauri siminti ne ke tafiya. Na biyu, ranar da aka rufe layin farko da ya zagaye filin duka, ya bi ramin da ƙafa ya ƙirga. In ya samu 179 ko kusa da haka, lissafi na kan hanya. In ya ga 190, a tsaya a duba tun kafin kuskuren ya ninku sau goma sha biyu. Ranar ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Kawu, 179, ko ɗaya bai ƙaru ba."

Wuri ɗaya ne ƙasa ta saɓa mana. A kusurwar baya ta gabas masu haƙa suka faɗa kan tsohon ramin da aka cike da shara, ƙasar baƙa mai laushi, shebur na nutsewa ba wuya. Dattijon ya ƙi zuba kankare a kai, ya sa aka ƙara zurfi har aka taɓa mai tauri, gurbi biyu suka ƙara layi ɗaya, bulo 12. Daga cikin ƙarin da muka tanada aka ɗebe su.

Da aka ɗora layin ƙarshe muka zauna muka yi ƙidaya. Mai inci tara, 639 sun shiga gini, 17 sun karye, huɗu suka rage. Mai inci shida, 1,512 a bango, 55 a tsibin karyayyu, saura 23. Karyayyun aka farfasa aka zuba a ƙarƙashin dandamalin get, sauran 27 kuma Yaya ta sa aka jera mata su a inuwar bangon baya, ta ce da su za a kewaye bakin rijiya in an haƙa.